Shingen gona: kusurwa da ƙofa ne ke riƙe da sauran

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da gona a hanyar Soba, gaba da Dakace kaɗan, tsawonta mita 80, faɗi mita 50. Na dasa mangwaro da gwaiba, kuma ina noman tumatir da albasa a tsakaninsu, amma awaki sun hana ni sakat. Mai walda ya ce in sayo fayif inci biyu ya yanka mini guda 87, a kafa ɗaya duk mita uku, a ja ragar waya a kewaye, ya haɗa mini get. Lissafin nan ya yi, ko da abin da ya rage?

Wa alaikumus salam, Malam. Mai waldan bai yi kuskure a rabawa ba: kewayen gonarka mita 260 ne, idan ka raba da uku za ka sami 87. Inda lissafin ya gaza shi ne ya ɗauki dukan ƙarafan nan a matsayin abu ɗaya, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. Na tsakiyar layi, waɗanda zan riƙa kira dirkoki, aikinsu kawai su ɗaga raga kada ta kwanta. Na kusurwa da na bakin ƙofa, waɗanda zan kira ginshiƙai, su ne ake ɗaure waya a jikinsu a ja, don haka duk ƙarfin shingen a kansu yake ƙarewa. Idan aka yi su da fayif iri ɗaya da rami iri ɗaya, shingen zai yi kyau ranar da aka gama shi, amma da wuya ya wuce damina biyu bai saki ba.

Ga yadda abin yake. Wayar da aka ja ta miƙe sosai tana iya fizgar ginshiƙi da ƙarfin da ya kai nauyin buhun masara. A irin shingen da zan ba ka shawara akwai wayoyi biyar a jere, ka ga buhu biyar ke nan suna jan ginshiƙin kusurwa ta gefe ɗaya, wasu biyar ta ɗaya gefen, dare da rana. Jan biyu suna haɗuwa su karkatar da shi zuwa cikin gona. Da rani ƙasar Zariya tana bushewa ta yi tauri, sai ta riƙe shi. Da ruwan Agusta ya jiƙa ta, kan ginshiƙin sai ya sunkuya da ɗan yatsa biyu ko uku, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa ya sassauta waya tun daga wannan kusurwa har waccan. Mai gona ya zo ya ga raga ta yi ciki, ya kira yara su ƙara ja, ginshiƙin ya ƙara sunkuyawa. Idan kana son gane shingen da ke kan wannan hanya, zagaya bayan ginshiƙin kusurwa ka duba gindinsa. In ka ga ƙasa ta tsage ta rabu da kankaren ta waje, ko kankaren ya ɗago ta gefe ɗaya, to ba waya ce ta saki ba, kusurwa ce ta tafi.

Kafin a haƙa rami ko ɗaya, ka kira maƙwabtan gonar da mai unguwa a tsaya a kan iyaka tare, kuma idan akwai burtali ko hanyar da mutane ke bi zuwa rafi a gefenka, ka bar ta a waje. Shingen da ya toshe hanya almakashi ne ƙarshensa. Sannan ka kafa fegi a kowace kusurwa ka ja igiya. A nan ne za ka gano ko gonar kusurwa huɗu gare ta da gaske. Yawancin gonakinmu na gado ba su miƙe ba, iyakar takan ɗan karkace wajen wata bishiya ko suri. Duk inda igiyarka ta karya, ko da kaɗan ne, wurin kusurwa ne, kuma ginshiƙi yake so, ba dirka ba. Zan yi lissafi a kan cewa huɗu ce, kai ka ƙara idan ka sami fiye.

Ginshiƙan da kake buƙata tara ne. Huɗu a kusurwoyi. Biyu a tsakiyar dogayen ɓangarorin nan na mita 80, ɗaya a kowane, domin jan raga mita 80 a tashi ɗaya da hannu ba ya yiwuwa ta miƙe daidai, kuma idan wani ya yanke waya gara ta saki a mita 40 kawai. Sauran ukun na ƙofa ne: babbar ƙofa mai faɗin mita 4 da ƙarama mai mita 1 a gefenta. Na kusurwa da na tsakiya a yi su da fayif inci uku, na ƙofa inci huɗu. Fayif yakan zo da tsawon mita 6, sai a raba shi biyu, mita 3 kowane, mita ɗaya a cikin ƙasa, biyu a sama. Fayif uku na inci uku sun ba ka shida, biyu na inci huɗu sun ba ka na ƙofa har da ragowa. Ka tafi kasuwa da tef ɗinka, domin ba kowane fayif da ake kira mita 6 ne yake cikawa ba, kuma ka duba kaurin bakinsa. Wanda bai kai milimita 2 ba kada ka saya ko don dirka, na ginshiƙi kuwa gara ya kai 3.

Ramin ginshiƙin kusurwa ya zama santimita 45 kowane gefe, zurfi mita ɗaya. Gefunansa su sauka a tsaye, ko ma ƙasan ya ɗan fi bakin faɗi. Masu haƙa sukan yi akasin haka, su buɗe baki su tsuke gindi, domin ya fi sauƙi da diga, kuma irin wannan kankaren ne waya ke tumɓukewa gaba ɗaya. A yankinku za a iya cin karo da marmara kafin a kai rabin zurfin. Kada ka yarda a ce ai dutse ne, ya isa haka. A cika ramin da ruwa da yamma, a dawo da safe a ci gaba. Saboda wannan ne na fi son aikin shinge a ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta gama ƙeƙashewa ba. Idan kuma wani gefen gonar ya gangara fadama, inda laka ke tsagewa da rani ta kumbura da damina, ƙara zurfin da kamar santimita 20, domin saman irin wannan ƙasa motsi yake yi kowace shekara.

Sai dai rami kaɗai, ko yaya zurfinsa, ba ya riƙe kusurwa. Abin da ke riƙe ta shi ne matokari, wato ƙarfen da ake jinginawa a karkace daga jikin ginshiƙi zuwa ƙasa. Kowace kusurwa tana son biyu, kowane yana bin layin shinge ta gefen da waya ke ja. Ginshiƙan tsakiya ma biyu-biyu, gaba da baya. Ginshiƙan ƙofa na waje ɗaya-ɗaya. Jimla sha huɗu. Kurakurai biyu nake yawan gani a nan. Na farko, a liƙa matokarin can ƙasa, wajen gwiwa, inda ba ya tare komai, domin jan yana sama. A manna shi a kamar mita 1.3 daga ƙasa, wato kusan kashi biyu cikin uku na tsayin ginshiƙin. Na biyu, a tsayar da shi sosai, ƙafarsa kusa da gindin ginshiƙi. Matokarin da ya miƙe tsaye haka yakan zama abin da ginshiƙin zai taka ya ɗago daga ƙasa. Ƙafarsa ta sauka aƙalla mita ɗaya da rabi daga gindi, kuma ita ma a zuba mata nata kankaren, a rami mai kamar santimita 30 da 45, zurfi 30, wanda bangonsa na gaba ƙasa ce da ba a taɓa ba. Idan aka soka ƙafar a ƙasa kawai aka danne da dutse, za ta nutse a ruwan farko.

Wasu sun fi son su kafa ginshiƙi na biyu a mita biyu da rabi daga kusurwa, su haɗa kawunansu da ƙarfen gicciye, sannan su ja waya riɓi biyu daga gindin na kusurwa zuwa kan na biyun su murɗe ta da guntun rodi. Wannan ma yana aiki sosai, kuma shi ya fi dacewa idan da itace ake yi. A kula da inda wayar ta nufa kawai: daga ƙasan na kusurwa zuwa saman na biyu. Idan aka juya ta, ado ce.

Yanzu dirkoki. Ina ba ka shawarar raga mai tsayin mita 1.5, da waya mai ƙaya layi biyu a samanta, shingen ya kai mita 1.8. Don haka kowace dirka mita 2.4 ce, santimita 60 a ƙasa. Kowane rabin dogon ɓangare, mita 40, a raba shi gida 14, tazara ta zama kamar mita 2.86, dirka 13 ke nan. Irin wannan rabin guda huɗu ne, 52. Bayan gona, mita 50, gida 17, dirka 16. Gaban gona, idan ka cire mita 5 na ƙofofi, ya rage 45. A bar 21 a gefe ɗaya, 24 a ɗayan, dirka 6 da 7. Jimla 81. Ka ga yawan ƙarafan bai yi nisa da na mai waldanka ba, 90 ne maimakon 87, bambancin yana wajen waɗanda aka ƙarfafa.

Akwai dabara a wajen yanka. Fayif inci biyu mai mita 6 yana ba da dirka biyu, ya bar guntu mai mita 1.2. Ka sayi 41, ka sami dirka 82 da guntaye 41. Idan aka haɗa guntaye biyu da walda mai kyau, sun zama mita 2.4, daidai tsawon matokari. Matokaranka sha huɗu sun fito daga abin da da za a zubar, har da saura. Abin da za a iya kawo maka a matsayin sauƙi shi ne a yanka fayif ɗin gida uku, mita biyu-biyu, don a rage yawan da za a saya. In aka yi haka da raga mai mita 1.5, rabin mita kawai zai shiga ƙasa kuma babu wurin waya mai ƙaya. Ni ba na yarda da shi sai idan ragar mita 1.2 ce.

A gindin kowane ƙarfe a sa mai walda ya manna guntun rodi a gicciye kafin a zuba kankare. Yana hana ƙarfen juyawa, kuma yana hana wanda ya zo da dare ya girgiza shi ya zare. Gonar da ba mai kwana a cikinta, ƙarfe yana da masoya. A toshe bakin kowane fayif na sama da ɗan faranti ko dunƙulen siminti, domin ruwan da ya taru a ciki shi ke cinye shi daga ciki ba ka gani ba. Duk inda wutar walda ta taɓa, rufin da ke hana tsatsa ya ƙone, sai a goge a shafa jan fentin ƙarfe.

Idan satar ƙarfe ta yi yawa a wajenku, dirkar kankare ta fi kwanciyar hankali: santimita 10 kowane gefe, rodi huɗu sirara a ciki, a bar ƙofofin da waya za ta bi tun wajen zubi. Kowace tana kusan kilo 60, don haka a gonar ake zuba ta, ba a ɗauko ta daga gari. Itace kuwa, turare da darbejiya ɗanye gara ba ta barin su. Ƙirya da azara suna jurewa, amma samun 81 masu kyau yanzu aiki ne.

Siminti. Ramin dirka santimita 25 kowane gefe, zurfi 60. Kwaɓin da ya ishe shi: buhun siminti ɗaya, yashi kwanon sarki shida, tsakuwa sha biyu. Wannan kwaɓin yana cika ramin dirka kamar shida, ko na ginshiƙi ɗaya. Dirkoki 81 za su ci buhu 14, ginshiƙai shida buhu 6, ƙafafun matokarai buhu 3. Ginshiƙan ƙofa uku suna son rami santimita 60 kowane gefe da kwaɓi mai ƙarfi, yashi huɗu tsakuwa takwas a buhu, za su ci kamar 7. Buhu 30 ke nan gaba ɗaya. A ɗaga kankaren ya ɗan fi ƙasa tudu, a gangarar da shi ta yadda ruwa ba zai kwanta a gindin ƙarfe ba, domin daidai wurin ne tsatsa ke yanke shi. A fara da ginshiƙai, a ja igiya biyu tsakaninsu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, dirkoki su bi igiyar. A riƙa ba kankaren ruwa safe da yamma, musamman idan iskar hunturu ta fara, kuma kada a ɗaura ko waya ɗaya sai ya yi mako guda. Ma'aikata za su matsa maka a ja washegari don su karɓi kuɗinsu su tafi. Kankaren kwana ɗaya da aka ja ya riga ya rabu da ƙarfen, ko da ido bai gani ba.

Game da ƙarfen gicciye a saman shinge gaba ɗaya, kamar yadda ake yi wa makarantu da ma'aikatu, ban ga dalilinsa a gona ba. Mita 255 za su ci fayif 43, fiye da 41 ɗin da duk dirkokinka suka ci. Waya mai kauri da aka ja sosai tana yin aikinsa. Inda yake da amfani shi ne gida ɗaya ko biyu na kowane gefen ƙofa, inda mutane ke jingina su rataya kaya, da kuma gefen da shanu ke wucewa idan suna goga jiki. Can ɗin ma a tsayin ƙirjin saniya ya fi amfani, ba a can sama ba.

Ragar da kake so ita ce mai saƙar ido-ido, wadda idonta bai wuce inci biyu ba. Ragar kaji kada ta shigo lissafin, akuya da ƙaho take yaga ta. Mai manyan idanu kuma ’ya’yan awaki suna ratsawa, manyan su tura kai ƙaho ya maƙale, ka wayi gari da rigima da mai dabba. Kaurin wayar ana faɗarsa da lamba, kuma lambar tana tafiya a juye: geji 10 ya fi 12 kauri, 12 ya fi 14. Geji 12 ya ɗan haura milimita biyu da rabi, shi ne mafi ƙanƙantar da zan sa a gona. Geji 14 ya fi araha nesa, kuma a ido suna kama da juna idan an naɗe su. Mai rufin koren roba ma a kankare bakinta a ga wayar ciki, domin wani lokaci robar ce ke da kauri. Tsawon naɗi ya bambanta daga shago zuwa shago. Kana buƙatar mita 255: idan naɗin mita 25 ne, guda 11, idan 18 ne, guda 15. Ka sa a warware ɗaya a auna a gabanka, a miƙe amma ba a ja da ƙarfi ba.

Raga ba ta riƙe kanta, a kan wayoyi take rataya. Layi uku na waya mai santsi, geji 10, ɗaya a saman raga, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa kamar yatsa uku daga ƙasa. Mita 765 ke nan, ka sayi 800, wanda a kan sikeli ya ɗan haura kilo 50. Waya mai ƙaya layi biyu, mita 510. Waɗannan ake fara ja, daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, kowane ɓangare da nasa ɗauri. Kada a zagaya kusurwa da waya ɗaya a ci gaba. A jikin dirkoki kuwa a sa ta cikin ɗan zobe ko a ɗaure ta sako-sako yadda za ta iya zamewa, domin idan saniya ta tura wuri ɗaya, duk tsawon wayar ya raba nauyin. A ƙarshen kowace waya a sa doguwar ƙusa mai zobe da noti wadda ta ratsa ginshiƙin, don ka riƙa ƙara mata ja da sifana duk shekara. Kada a ja da mota ko tarakta. Kuma idan da tsakar rana ake aikin a watan zafi, a bar mata ɗan sauƙi, domin waya mai mita 40 tana tsukewa da kusan santimita ɗaya a sanyin asubar hunturu.

Ragar ta kasance ta wajen dirkoki, gefen da dabbobi suke, don idan sun tura su tura ta jikin ƙarfe, ba su ɓalle ta daga ɗauri ba. A zura rodi mai milimita 10 ko 12 a tsaye cikin idanun farko, a ɗaure rodin a ginshiƙi wuri huɗu ko biyar. A warware ragar, a tsayar da ita, a zura wani rodin a ɗaya ƙarshen, mutum uku su ja da igiya. Ta yi daidai idan ka kama ido biyu da yatsu ka matse suka ɗan motsa kaɗan suka koma. Idan idanun sun fara tsawo sun siranta, an wuce, kuma tsayin ragar zai ragu. Wajen haɗa naɗi biyu ba a ɗaure su da waya: ana warware sili ɗaya daga bakin ɗaya, a haɗa bakunan, a murɗa silin ya sauka ta cikinsu, mahaɗin ya ɓace. Daga nan a ɗaure ragar a wayar sama duk taku ɗaya ƙarami, kamar santimita 45, haka ma ta ƙasa.

Ƙasan nan shi ne inda za ka ci nasara ko ka faɗi da akuya. Ba ta cika tsallake mita ɗaya da rabi ba, amma tana bin shinge tana goga jiki har ta sami inda ya ɗaga, ta sa kai ta kutsa. Tsakanin kowace dirka biyu a lanƙwasa guntun rodi kamar ƙugiya a kafe wayar ƙasa da shi. Inda ƙasa ta yi kwari a cike da dutse. Amma inda ruwa ke ratsa gonar da damina, kada a toshe kuma kada a kafe raga a ciki. Kara da yayi za su taru a jikinta ta zama bango, ruwan ya kwantar da dirka uku ko huɗu a dare ɗaya. A kafa dirka a kowace gaɓa, babbar ragar ta wuce ta sama, a rataya wani guntu daban a ƙarƙashinta wanda ruwa zai ɗaga ya wuce, ka dawo ka gyara shi bayan ruwa.

Ƙofa. Mita 4 ta ishi tarakta da motar ɗaukar tumatir, amma a yi ta ƙyaure biyu, mita biyu-biyu. Ƙyaure ɗaya mai mita 4 yana da dogon hannu a kan ginshiƙi, kuma ba a daɗe ba bakinsa ke fara jan ƙasa. A yi firam ɗin da fayif inci ɗaya da rabi, a sa raga iri ɗaya da ta shinge maimakon falle, wanda ke da nauyi kuma iskar farkon damina ke kamawa. Kowane ƙyaure yana son ƙarfe a karkace daga kusurwar sama ta gefen hinji zuwa kusurwar ƙasa ta gefen sakata. Ginshiƙan ƙofa a cika cikinsu da kankare. Na tsakiyar, wanda ke tsakanin babbar ƙofa da ƙarama, ba shi da wurin matokari alhali yana ɗauke da ƙyaure, don haka a haɗa kansa da na waje da ƙarfen gicciye ta saman ƙaramar ƙofar, ita kuma ƙaramar a rataye ta a na waje. Hinjin sama a juya bakinsa ƙasa, don kada a ɗaga ƙyauren a cire shi da kwaɗonsa a kulle. A tsakiya a binne guntun fayif cikin kankare inda sakatar ƙasa za ta shiga. Tazarar ƙyaure da ƙasa kada ta wuce yatsa huɗu, kuma a zuba marmara a daɓe wurin, in ba haka ba tayoyi za su haƙa kwari biyu da ɗan akuya zai bi. Sannan ka auna tsakanin ginshiƙan bayan kankare ya bushe, a yi ƙyauren a kan wannan awon, ba a kan na takarda ba.

Ƙaramar ƙofar kada ka ce za ka yi tsimin kuɗinta. Idan babu ita, babbar ce za a riƙa buɗewa kullum don mutum ɗaya da babur, kuma ita za a riƙa mantawa a buɗe.

Idan kuɗin bai kai a yi duka a bana ba, ka kafa ginshiƙai tara da matokaransu da ƙofofin yadda na faɗa, ba ragi. Dirkoki za ka iya sa na ƙarfe duk mita 6, ka cike tsakani da sandunan itace da za ka riƙa sauyawa. Kowace kaka kuma a share ciyawa taku uku ciki da wajen shingen kafin masu farautar gafiya su fara sa wuta, domin wayar da wuta ta lasa rufinta ya ƙone, damina ɗaya take yi ta yi ja. Bayan ruwan sama mai ƙarfi na farko, ka zagaya da sifana, ka duba gindin kowane ginshiƙi ta waje kafin ka taɓa noti ko ɗaya.